Yadda za ka sake ɗaura zumunci da mutum idan ya samu ƙarin girma ko ya canza wurin aiki

Tambayar nan ta yi yawa, musamman daga samarinmu na Aboabo da Asawase masu ƙananan sana'o'i, har da 'yan Nima da Madina. Wane da muka yi sakandare tare an ba shi manaja, ko wance an dawo da ita Kumasi, rabona da shi shekara da shekaru, yanzu in na kira ai zai ce don ya samu ne. To e mana, zai iya faɗin haka, kuma wani lokacin gaskiyarsa ce. Amma barka da ƙarin girma al'adarmu ce, ba wanda zai zarge ka don ka yi ta. Abin da ke ɓata lamarin shi ne haɗa barka da roƙo a numfashi ɗaya. Duk matakan da ke ƙasa aikinsu kenan, raba biyun nan da tazara mai kyau.

Zan riƙa kawo misalin wani yaro ɗan unguwarmu mai shagon firintin a Asafo, yana buga rasit da bana da riguna. Siniyansa na makaranta, wanda ya girme shi da aji biyu, yana aiki da wani kamfanin rarraba kaya a Tamale sai aka mai da shi manajan reshen Kumasi. Sun kai shekara shida ba su yi magana ba.

1. Tabbatar da labarin tukuna

Kafin ka rubuta ko harafi ɗaya ka san ainihin abin da ya faru. Labarin gurup ɗin tsofaffin ɗalibai ko na majalisa yakan zo da ƙari, mutum ɗaya ya ce an yi masa tiransifa, kafin labarin ya zagayo ya zama darakta. Abu uku kake nema: sunan muƙamin daidai, wurin da aka kai shi, da kuma ko shi da kansa ya sanar ko kuwa wani ne ya fesa.

Na ukun nan ya fi muhimmanci. Idan shi ya sa a sitatus ɗinsa ko a LinkedIn ko Facebook, ya buɗe ƙofa kenan. Idan kuma ƙanwar matarsa ce ta faɗa wa wata a gidan suna, wataƙila takardar ma ba ta fito ba, wataƙila bai gaya wa tsohon wurin aikinsa zai tafi ba, saƙonka sai ya tayar masa da hankali ya fara tunanin wa ya kwarmata. Ka jira ya fito fili.

Hattara: ba kowane canji ba ne ci gaba. Akwai wanda ake ɗauke shi daga reshe mai harka a kai shi hedikwata a ba shi tebur babu aiki, shi ya san ajiye shi aka yi, kai kuma ka zo kana ta masa murna da alamun tafi. Akwai mai riƙon ƙwarya, wanda za ka ga an sa Ag. a gaban muƙaminsa, ba a tabbatar masa ba tukuna. A aikin gwamnati kuma, bayan canjin mulki irin wanda aka yi a Janairun 2025, mutane da yawa sukan motsa, wasu sama wasu gefe. In ba ka gane wanne ne ba, bar kalmar ƙarin girma, ka ce na ji an kai ka wuri kaza, Allah ya sa alheri ne. Wannan addu'ar ta dace da kowane hali.

Wani tarkon kuma na LinkedIn ne. Yana turo sanarwar cikar shekara a wurin aiki kusan da irin siffar sanarwar sabon aiki, kuma wani sai ya yi wata takwas a sabon wuri sannan ya tuna ya gyara shafinsa. Buɗe shafin ka duba watan da ya fara.

2. Nemo lambar da ke aiki

Lambar da ke wayarka tun 2018 ba lallai tana hannunsa ba. Lokacin rajistar layi da Ghana Card an rufe layuka da yawa a 2023, kuma kamfanonin waya suna sake sayar da lambar da ta daɗe a kwance. Hanya mai sauƙi da kowa ya sani: shiga momo kamar za ka tura masa kuɗi, `*170#` in MTN ne, sa lambar da ɗan ƙaramin kuɗi, sunan mai layin zai fito kafin a nemi lambar sirrinka, sai ka fasa. In sunan wani daban ya fito ka nemi sabuwa. Sannan duba hoton WhatsApp ɗin.

In za ka karɓi lamba a hannun wani, ka zaɓi wanda su biyun suke ɗasawa, kuma ka ce masa barka kawai zan yi masa. Ya fi kyau ma shi ya fara gaya masa, wane ya nemi lambarka na ba shi. Yaron Asafo haka ya yi, ta hannun wani ɗan ajin siniyan da suke sallar Juma'a tare.

Kar ka tsaya a gurup. Barkar da ka jefa cikin mutum ɗari biyu masu turo sitika iri ɗaya ba ta isa ko'ina ba, ya gani ne a dunƙule ya ce na gode muku duka. Ka sa taka a gurup don kar a ce ka yi shiru, amma ainihin saƙon ta gefe za ka tura, kai da shi. Haka maɓallin LinkedIn mai rubuta maka "Congrats" da kansa, kowa ya san dannawa kawai aka yi.

3. Zaɓi lokaci

Ranar da labari ya fito wayarsa tana ta ƙara, dangi, abokan aiki, 'yan unguwa, masu neman a sa musu ɗa a aiki tun kafin shi ya ga kujerarsa. Naka zai nutse. Ni a ganina daga kwana uku zuwa sati biyu ne daidai, hayaniya ta lafa amma labarin bai tsufa ba. In ya wuce wata biyu har yanzu za ka iya, sai dai ka faɗi gaskiya cewa yanzu labarin ya iso ka, kar ka yi kamar jiya abin ya faru.

A cikin yini kuma, guji safiyar Litinin da ƙarshen wata in aikinsa ya shafi lissafi ko banki. Bayan Isha'i, ko Asabar da hantsi, ko yammacin Juma'a, lokacin mutum yana riƙe da waya da natsuwa.

4. Rubuta saƙon farko

Nan ne zan daɗe, don nan ne yawanci ake zubar da garin.

Rubutu za ka yi. Kira daga lambar da bai sani ba, a ƙasar da 'yan damfarar momo suka sa kowa tsoron baƙuwar lamba, ko dai ya ƙi ɗauka ko ya ɗauka da muryar wa ke magana, ku fara da kame-kame. Saƙon murya na minti huɗu kuma zai ce sai anjima, anjimar ba za ta zo ba. Rubutu gajere da zai karanta a tsaye ya amsa sadda ya ga dama.

Abu huɗu ne a ciki. Sallama da kiran da ka saba yi masa, ko wane ne kai tare da abin da zai tuna ka da shi, barkar da sunan muƙamin, sai addu'a. Ga abin da yaron ya tura, kusan kalma da kalma:

"Assalamu alaikum Siniya. Ƙaninka ne na Aboabo, wanda ka riƙa ɓoye wa akwatin gari a ɗakinku lokacin ina ajin farko don kar 'yan aji uku su ƙwace. Na ji an dawo da kai gida an ba ka reshen Kumasi, wallahi na yi murna ƙwarai. Allah ya taya ka riƙo, ya kare ka daga sharrin kujera. A gaida Hajiya da yara."

Ka lura da abin da babu. Babu ina da shagon firintin. Babu ka manta da mu, wanda mutanenmu suke ɗauka wasa ne alhali zargi ne, kana sa mutum ya fara da ba da haƙuri kan laifin da ku biyu kuka yi. Babu doguwar neman gafara kan shirun shekara shida, in dole ne jimla ɗaya ta isa, kwana da yawa, Allah ya sa lafiya ce ta ɓoye mu. Babu kuma yaushe za a jiƙa mana, wannan sai tsakanin abokan da suke haɗuwa kullum, daga bakin wanda ya ɓace shekaru sai ta zama maula.

Maganar akwatin garin ita ce ta yi aikin. Mutum ɗari sun ce masa barka, mutum ɗaya ne ya tuna masa alherin da ya taɓa yi lokacin ba shi da komai. Ka nemo irin wannan, ƙaramin abu na gaske, wanda ya shafi halinsa na kirki. Kar ka tono abin kunya, irin ranar da aka yi masa bulala a asambile, yanzu mutum ne da ke da na ƙasa da shi.

Kiran suna ma a kula. Wanda kake ce wa Yaya ko Siniya ko Malam ka ci gaba da haka. In tsaranka ne kuma kuna kiran juna da laƙabi, kar ka koma Yallaɓai ko Ciyaman dare ɗaya, nan take zai ji ƙanshin buƙata. In ya yi Hajji tun rabuwarku, Alhaji ko Hajiya ya zama dole. In mace ce kai namiji, musamman matar aure, saƙon ya zama da rana, gajere, a gaida maigida da yara a ciki, kuma a bar zancen hotonta ya yi kyau.

Kar ka rufe da tambayar da za ta zame masa aiki. Yaushe zan zo, ko turo min adireshin ofis, duk ka ajiye su.

5. Karanta amsarsa

Amsa iri uku ce. In ya rubuto da ɗumi, ya yi dariyar abin da ka tuna masa, ya tambaye ka ina kake yanzu me ake ciki, to ƙofa ta buɗe. Ka amsa a layi biyu, ina nan Asafo ina ɗan aikin firintin, Alhamdulillahi. Ka tsaya nan. Ya ji sana'arka, kuma shi ya tambaya. Kar ka biyo da hotunan aiki goma sha biyar da jerin farashi.

In ya ce amin na gode kawai, ba laifi, ya san kana raye kuma lambarka ta shiga wayarsa. Ka ce madalla ka bar shi. In ya ajiye lambarka za ka fara ganin sitatus ɗinsa, don WhatsApp ba ya nunawa sai kowa ya ajiye lambar ɗan'uwansa, wannan ma alama ce.

In kuma shiru, ko da alamar ya karanta, kar ka tura alamar tambaya, kar ka kira, kar ka kai ƙara wurin wanda ya ba ka lambar. Jira wani dalili na gaba, barka da Sallah ko shigowar azumi, ka sake gwadawa sau ɗaya. Shiru biyu amsa ce, ka bar shi haka nan ba tare da ka yi ta yaɗa cewa ya yi girman kai ba, don Zango ƙarami ne maganar za ta koma masa.

6. Ka fara amfanarsa

Mutane suna ɗauka wanda aka ƙara wa girma ba ya buƙatar komai. Wanda aka ɗauko daga wani gari kuwa yana cikin ruɗani a makonnin farko: gidan haya da masu gida ke neman kuɗin shekara ɗaya ko biyu gaba, makarantar boko da makarantar allo ta yara, bakanike mai amana a Magazin, wanda zai gyara masa wayarin gida, har inda madam za ta sami naman kirki. Kai da ke zaune a garin ka san waɗannan, kuma ba su ci maka ko sisi.

Bayan sati uku yaron ya sake rubutawa: "Siniya, in ba ku riga kun daidaita maganar makarantar yara ba, akwai Islamiyya mai kyau kusa da inda na ji kun sauka, 'ya'yan yayata suna can, sai in turo lambar malamin." Ashe abin da ke damun matarsa kenan. Daga nan hira ta koma ta mutum da ɗan'uwansa.

Hattara: abin da za ka iya cikawa kawai za ka yi tayi. In ka haɗa shi da ejan ɗin gida da ya cinye masa kuɗin dubawa ya ɓace, gara da ba ka sake neman sa ba.

7. Ziyara, da maganar kyauta

Zumunta a ƙafa take, amma da izini. Wajen sati shida zuwa wata biyu sai ka ce ina so in zo in gaishe ka, ofis ya fi maka sauƙi ko gida? Bari ya zaɓa. Kar ka faɗo masa ofis ba sanarwa kana gaya wa sakatariya ai ɗan'uwana ne, sabon shugaba idon kowa na kansa, a yawancin wurare ma yana cikin watannin gwaji ne, ba ya son a ce ya mai da ofis zauren unguwa. Minti ashirin ya isa, kuma kai za ka fara miƙewa. In a Ankara yake kai kana Kumasi, kar ka hau motar Asafo zuwa Sakul takanas ka yi asarar yini da kuɗin mota, ka haɗa da wata tafiyar da kake da ita, ka ce zan shigo ranar kaza in da hali in leƙo.

Kuɗin da duk wannan zai ci ka kaɗan ne, data da kuɗin torotoro sai ɗan abin hannu. Abin hannun kar ya wuce abin da za ka kai wa kowane babban yaya: dabino, turare ɗan madaidaici, biskit na yara, a kai gida. Kuɗi a ambulan ko momo da sunan na ruwa, a'a. In ma'aikacin gwamnati ne abin ya fi tsanani, sashe na 284 na tsarin mulkin 1992 ya hana jami'i sa kansa inda son ransa zai ci karo da aikinsa, kuma kyauta mai nauyi daga wanda zai zo neman kwangila gobe tana iya jawo masa bincike. In kana da niyyar neman aiki a ma'aikatarsa, tafi ba kyauta, da addu'a kawai, ya fi muku lafiya ku duka.

8. Sai yanzu maganar buƙata

Kusan wata uku, bayan an yi hira biyu ko uku da haɗuwa ɗaya. Na san wani zai ce ni yanzu nake cikin matsi, wata uku ya yi nisa. To ba a fafe gora ranar tafiya, in matsalar ta gaggawa ce ka kai ta wurin wanda kuke tare kullum, wannan hanyar ba ta gaggawa ba ce.

Kuma ka roƙi abin da zai iya bayarwa ba tare da ya ji nauyi ba, wato bayani da nuni. Yaron ya ce, Siniya, in mutum yana so ya shiga jerin masu yi wa kamfaninku aikin firintin, ta ina ake bi, wa ake gani, waɗanne takardu ake nema? Tambayar ta bar masa hanyar fita, zai iya amsawa cikakke ko da ba zai iya yin komai ba. Da ya ce ba ni aikin rasit ɗinku, sai dai a ce e ko a'a, kuma sabon manaja yawanci a'a ce a hannunsa ko da yana so.

Kafin ka buɗe baki ka tabbata takardunka sun cika: rajistar kasuwanci, shaidar biyan haraji ta GRA, ta SSNIT in kana da ma'aikata, asusun banki da sunan shagon. In hukumar gwamnati ce, dokar sayen kaya ta 2003, Act 663, ita ke aiki, sai ka yi rajista da PPA, hukumar da ke kula da sayen kayan gwamnati, ka bi layin tanda kamar kowa, siniyanka ba zai tsallakar da kai ba. Mai neman aiki kuma ya riƙe takardar bayanin kansa a shirye cikin PDF, shafi ɗaya ko biyu, kar a ce turo ka ce bari in je kafe gobe. Babu abin da ke sanyaya wa mai son taimakonka gwiwa irin ya buɗe maka ƙofa ya tarar ba ka ɗaura ɗamara ba.

Abin da ya faru da yaron: siniyan ya gaya masa gaskiya cewa duk manyan ayyukan bugawa daga hedikwata a Ankara ake ba da su, reshe ba shi da ta cewa sai ƙananan abubuwa na gaggawa. Ya haɗa shi da mai kula da saye-saye na reshen, aka gwada shi da bana biyu na wani taron dilolinsu, ya kai musu aikin kwana ɗaya kafin ranar taron. Babban amfanin daga gefe ya zo, biyu daga cikin dilolin da ke Adum suka karɓi lambarsa a wurin taron suka fara ba shi littattafan rasit.

9. Bayan an yi maka

Duk wanda ya haɗa ka da shi, ka koma ka ba shi labarin yadda aka ƙare, ko an dace ko ba a dace ba, layi biyu: na ga mutumin, ga yadda muka yi, Allah ya saka. Kar ka riƙa amfani da sunansa a inda bai aike ka ba, irin manaja ne ya ce in zo, ranar da ya ji shi kenan. Kar kuma ka raba lambarsa ga 'yan majalisa don a san kana da manya.

A wayarka, ƙarƙashin sunansa akwai wurin rubutu, sa muƙamin da watan da ya fara da sunayen yaransa da ranar da kuka yi magana ta ƙarshe. Duk wata biyu ko uku ka leƙa da gaisuwar da ba ta ɗauke da komai, in an yi masa rasuwa ka je adu'a da ƙafarka, in an yi haihuwa ka je suna. In kuma wata rana ka ji an sauke shi ko an mai da shi gefe, ka tura saƙo cikin satin, gajere kamar na farko, kar ka tambayi me ya faru, ka ce na ji an yi canji, Allah ya sa haka ya fi alheri, ina nan in da abin da zan iya.